Ku bari ya sha ruwa tukuna

Ƙanena ya sauka a Farin Gada da la'asar sakaliya, amma bai shigo gida ba sai bayan sallar isha'i. Daga Farin Gada zuwa gidanmu a Unguwar Rogo tafiyar 'yan mintuna ce a keke. Ya yi kwana biyu a bayan motar kayan gwari da ta sauke tumatir a Legas ta juyo, ya ci ƙurar hanya ta kusan kilomita 1,000, sannan ya zo ya zauna a teburin mai shayi yana jiran duhu. Ga Jos da sanyin Disamba, shi kuwa da 'yar riga mai gajeren hannu irin ta mutanen Kurmi.

Daga baya na tambaye shi abin da ya zaunar da shi. Ya ce: "Yaya, jaka ɗaya na dawo da ita, kuma kayan sawata ne a ciki. Da wace fuska zan ratsa layinmu da rana?"

Shekara uku ya yi yana acaba a can. Da aka hana sana'ar a ƙananan hukumomi shida na Legas a watan Yunin 2022, ya lallaɓa a gefen gari na 'yan watanni, ya sayar da babur ɗin, kuɗin suka tafi a haya da abinci. Labarinsa bai fi na dubban 'yan uwansa ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne, yaron da bai ji tsoron hanyar Okene da Lakwaja da daddare ba, ya ji tsoron sannu da zuwan mutanen unguwarsu. A ganina laifin namu ne, mu da muke gida. Mun ɗauki kalmomin da aka yi su don sauke wa matafiyi kaya, mun mai da su awon abin da ya samo.

Goggo ce ta tarbe shi, ƙanwar mahaifinmu, wadda ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu. Ina tsakar gida a daren, don haka na ga yadda abin ya gudana, kuma sai a ranar na lura cewa marabar tsofaffi tana da tsari kamar alwala, kowane abu da wurinsa.

Da ya yi sallama ta gane muryar, sai ta ce: "Lale, lale, maraba da mutanen Ikko." Yara suka kwasa da gudu suna oyoyo, ɗaya ya karɓi jakar. Ba ta dubi jakar ba. Ta sa aka shimfiɗa tabarma, aka kawo ruwa a kwanon sha, ta yi shiru har ya sha ya ajiye. Sannan ya durƙusa aka fara gaisuwa.

"Sannu da hanya. Kun sha hanya."

"Yawwa, Goggo."

"Ya hanyar?"

"Alhamdu lillahi."

"Ya gajiya?"

"Ba gajiya."

"Ya ka baro mutanen can?"

"Lafiya lau, suna gaishe ku."

"Muna amsawa. To madalla. Sannu, sannu."

Daga nan ta ce a ɗora masa ruwan wanka a ɗumama tuwo. Gaisuwar ke nan, ba ta kai minti biyu ba.

A duba abin da aka tambaya. An tambayi hanya, domin ita ce haɗarin da ya tsallake. An tambayi gajiya, wato jikinsa. An tambayi waɗanda ya baro, domin wanda ya zauna shekara uku a wani gari ya yi mutane a can, kuma ambatonsu shaida ce cewa an yarda bai yi zaman banza ba. Kowace tambaya tana da amsarta a shirye, wadda mai arziki da wanda ya dawo hannu rabbana za su bayar iri ɗaya. Wanda ya sauko daga jirgi zai ce ba gajiya, wanda ya sauko daga kan kwandunan tumatir ma zai ce ba gajiya. Wasu 'yan boko kan yi wa wannan dariya, su ce ina amfanin tambayar da an riga an san amsarta. Amfaninta ke nan. Tana ba mutum damar shigowa gida da mutuncinsa, ba tare da an tilasta masa yin bayanin rayuwarsa a bakin ƙofa ba. Wanda ke son sanin gaskiyar halin da yake ciki, ai labarin zuciya a tambayi fuska, kuma Goggo ta gama karanta tasa tun kafin ya ajiye kwanon.

Akwai abin da ta riƙe a daren. Da ya tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan abokinsa na ƙuruciya da ke maƙwabtaka da mu, sai ta ce: "Ci abincinka, gobe ma rana ce." Abokin ya rasu kwana tara kafin nan, kuma wayar ƙanena ta daɗe a kashe. Ba ta yi masa ƙarya ba, ba ta kuma faɗa masa ba. Sai da safe, bayan ya yi barci ya karya kumallo, Kawu ya zaunar da shi a zaure ya ce masa sai haƙuri, suka tafi gaisuwa tare. Tsofaffinmu sun san cewa mutumin da ya kwana biyu ba barcin kirki, cikinsa ba komai, ba shi da inda zai ajiye mummunan labari. Hadisin Abu Huraira da ke cikin Bukhari da Muslim ya kira tafiya yanki na azaba, ya ce tana hana mutum abincinsa da abin shansa da barcinsa. Waɗannan ukun su ne daidai abin da marabar gida take fara mayar masa: ruwa, tuwo, shimfiɗa. Labari yana biyo baya.

Washegari kuma aka shiga zuwa ban gajiya. Wannan ita ce rabi na biyu na maraba, kuma ita ce ta fi saurin ɓacewa a Jos ta yau. Ranar sauka ta 'yan gida ce. Maƙwabta da dangi sai kwana ya kewayo suke zuwa, su ce "ya gajiyar hanya?", a ce "gajiya ta bi lafiya". A wannan zaman ne hira take buɗewa, matafiyi ya ba da labarin da ya ga dama, ya bar wanda bai ga dama ba.

To, a zaman ban gajiyar nan ne na ji abin da ƙanena ya gudar wa. Cikin mutum goma da suka shigo, da wuya a sami uku da suka kai ƙarshen gaisuwa ba su jefo ɗaya daga cikin tambayoyi ukun nan ba: "Ina tsarabarmu?" "Kai, ya na ga ka rame haka?" "Yaushe za ka koma?" Wani ma tun yana cire takalmi ya ce: "Mutanen Legas, an dawo mana da naira ke nan." Kowa ya yi dariya, shi ma ya yi, irin wadda ba ta wuce leɓe.

Za a ce wasa ne, kuma tsaraba al'ada ce. Na yarda al'ada ce, har ina sonta. Ban taɓa zuwa Kano ba tare da buhun dankalin Turawa ko kabeji da karas a bayan mota ba, kuma in na dawo ba alkaki ko ƙuli-ƙuli yarana sai sun yi kwana biyu suna kumbura. Amma tsaraba tana da masu tambayarta. Yara ne, sai kaka da jika, sai taubasai da sauran abokan wasa, waɗanda in ka ce musu "ɓarayi sun ƙwace a hanya" za a yi dariya a wuce. Kuma abin da ake nufi ɗan ƙarami ne, burodin tasha ko rake ko alewa, alamar cewa ka tuna da gida kana can. Magidanci mai gemu ya dubi ɗan uwansa da bai san halin da ya baro ba ya ce ina tsaraba, a gaban mutane, wannan ya tashi daga wasa. Bincike ne aka yi masa rigar wasa. Yadda za ka gane bambancin ba wuya: in aka ce babu, mai wasa yana ci gaba da hira, mai bincike kuwa fuskarsa takan canza, kuma kafin magariba labari ya zaga layi cewa wane ya dawo ba ko sisi.

"Yaushe za ka koma?" ta fi ciwo. Wanda ya zo hutun salla daga wurin aikinsa ba ta damunsa. Wanda ya dawo don can ɗin ta ƙi, abin da yake ji shi ne ba a shirya da zamansa ba. Goggo ba ta taɓa yi wa ƙanena wannan tambayar ba har wata huɗu da ya yi a gida. Abin da takan ce, in ta gan shi ya yi tagumi, shi ne mai nema yana tare da samu.

Ko alhazai ba su tsira ba. Addu'ar da ake yi wa wanda ya dawo daga Makka ita ce "Allah ya sa karɓaɓɓiya ce, Allah ya maimaita". A ba ka kurɓin zamzam da dabino biyu uku, ka sa albarka ka tashi. Yanzu na san masu zuwa Hajji da tun ba su tafi ba suke rubuta sunayen waɗanda za a sayo wa jallabiya da darduma, har su ci bashi, saboda sun san wasu masu zuwa sannu da zuwa idonsu na kan jaka. Kakanninmu da suka tafi a ƙasa ta Chadi da Sudan, suna noma a hanya don samun guzuri, wasu sai bayan shekaru suke dawowa, kuma dawowar da ransu ita ce abin murnar.

Sakamakon duk wannan shi ne mutane sun koyi shigowa a ɓoye. Wanda ya koyi shigowa a ɓoye kuwa zai koyi fita a ɓoye, kuma a nan ne abin ya fi damuna. Sau nawa ka tambayi maƙwabcinka, aka ce ai ya yi kwana uku a Abuja? Ba sallama, ba a dawo lafiya. In ka yi ƙorafi sai a ba ka dalili uku: tsaro, bakin mutane, da saƙo.

Na saƙo gaskiya ne, kuma abin dariya ne da ban haushi. Ka ce za ka Kano gobe, kafin dare an tara maka ƙullin kaya biyar da za ka kai unguwa biyar. Na bakin mutane ba zan yi jayayya da kowa a kai ba, kowa da abin da ya gani. Na tsaro kuwa ba wanda zai raina shi a garin nan. Mutanen Jos ba su manta da matafiyan da aka tare a hanyar Rukuba ranar 14 ga Agustan 2021 ba, suna dawowa daga Bauci za su Ikare a jihar Ondo, aka kashe fiye da 20. Ba su manta da jirgin ƙasan Abuja zuwa Kaduna na 28 ga Maris 2022 ba, wanda wasu fasinjojinsa suka yi wata shida a daji. Kuma kowa ya ji yadda masu satar mutane kan sami labarin wanda za su ɗauka daga bakin na kusa da shi. Wanda ya ce ba zai yi shelar tafiyarsa ba, yana da hujja.

Inda na saɓa da su shi ne sun haɗa shela da sallama, alhali abu biyu ne. Shela ita ce ka ɗauki hoto a tasha ka ɗora a Facebook ka rubuta "Abuja ga mu nan", kuma abin mamaki, da yawa cikin masu ɓoye wa maƙwabci su ne masu yin hakan. Sallama kuwa ita ce ka je wurin mutum uku ko huɗu da ke da haƙƙi a kanka, iyaye, mai ɗakinka, maƙwabcin da katangarku ɗaya, abokin cinikin da akwai lissafi tsakaninku. Kuma rashin tsaron da ake kafa hujja da shi, shi ne ya sa sallamar ta ƙara zama dole.

Dubi abin da ke cikinta. Mai tafiya yana cewa "zan yi tafiya, a yafe ni", a ce masa "ba ka yi mana komai ba, Allah ya yafe mu baki ɗaya". Yana faɗin bashin da ake binsa da wanda yake bi, yana damƙa gidansa: "ga iyali nan, a riƙa leƙa su". Na gida kuma suna cewa "Allah ya kiyaye hanya, Allah ya kai ka lafiya, a gai da mutanen can", shi kuma ya ce "za su ji". Masu ilimi kan ƙara da addu'ar da Abdullahi ɗan Umar ya ruwaito cewa Annabi, tsira da aminci su tabbata a gare shi, yakan yi wa mai tafiya, wadda ma'anarta ita ce: na ba Allah ajiyar addininka da amanarka da ƙarshen ayyukanka. Ajiya fa aka ce, abin da ake sa ran a karɓa yadda aka bayar. Sannan a taka masa, ko zuwa bakin zaure ko zuwa bakin titi, gwargwadon nisan tafiyar da girman mutumin. Wannan ba na Musulmi kaɗai ba ne. Tsaya a kowace tasha a Jos da sassafe, za ka ji dattijuwar Birom ko Angas tana leƙa tagar mota tana ce wa ɗanta da Hausa "Allah ya kai ku lafiya, ka kira ni in kun sauka". Garin da aka sha raba mu a kan abubuwa da yawa, wannan addu'ar dai da baki ɗaya muke yin ta.

Kalmar ƙarshe ita ce ta fi kowace aiki: "Sai mun ji saukarka." Da, sai dai a jira wani mai dawowa ko wasiƙa. Yanzu da waya ta zama alkawari mai lokaci. Bari in kwatanta da hanyar da na fi sani. Motar da ta tashi daga Jos zuwa Abuja ƙarfe 7 na safe za ta bi Bukur da Mararrabar Jama'a da Riyom, ta gangara Hawan Kibo, ta wuce Gwantu ta faɗa Akwanga, daga nan Keffi, sai Masaka da Mararraba da Nyanya. In hanya ta yi kyau, awa huɗu zuwa biyar ne, in cunkoson Mararraba ya kama ku a ƙara ɗaya. Ke nan wanda aka yi wa sallama ya san kafin azahar ya kamata ya ji kira. In azahar ta wuce zai kira da kansa. In waya ba ta shiga, ba zai tayar da hankalin gida ba tukuna, domin akwai wuraren da ba sabis kuma caji yana ƙarewa. Amma in aka yi la'asar shiru, ya san tashar da aka hau mota, ya san lokacin da ta tashi, zai iya zuwa wurin 'yan kamasho su nemi direban. Wanda ya sulale ba wanda ya sani, in wani abu ya same shi a gangaren Hawan Kibo, wa zai fara nemansa, kuma yaushe? Sai an kwana biyu ana zaton yana shago.

Haka ma dawowa. Hadisin Jabir ya hana wanda ya daɗe ba ya gida ya faɗo wa iyalinsa da dare ba sanarwa, kuma malamai sun yi bayani cewa in ya aiko da labarin zuwansa babu laifi. Ƙanena ya saɓa wannan a daren da ya dawo, na kuma faɗa masa. Amma ban tsananta ba, tunda na san mu muka koya masa jiran duhu.

Wani zai ce na ɗora wa kalmomi nauyin da ya fi ƙarfinsu, ai talauci ne ya sa mutane sa ido a jakar matafiyi, gyaran gaisuwa ba zai cika tukunya ba. Gaskiya ne ba zai cika ba. Sai dai Goggo ba ta fi kowa wadata a layinmu ba, ƙosai take soyawa da safe, kuma ita ce ta fi kowa buƙatar abin da yaron zai kawo. Ta iya riƙe bakinta. In akwai buƙata ta gaske, tana da lokacinta da wurinta, bayan kwana biyu, a keɓe, da sunanta na neman taimako. Abin da nake ƙi shi ne a cusa ta cikin sannu da zuwa, inda mutum ba shi da hanyar cewa babu sai ya ji kunya.

Bayan ƙaramar salla wani ɗan unguwarmu ya samo wa ƙanena aikin tuƙa keke a Mararraba ta kusa da Abuja. Daren da zai tafi na ga yana haɗa jaka a ɓoye, niyyarsa ya fita da asuba. Na ce masa bai isa ba. Na rakashi ɗakin Goggo, sannan zauren Kawu, sannan gidan mahaifiyar abokinsa da ya rasu, wadda ta riƙe hannunsa ta daɗe tana addu'a. Mutum uku ke nan, ba mu ƙara kowa ba. Da safe Goggo ta ƙulla masa ƙosai da ɗan yaji a leda, ta tako har bakin zaure, abin da ba ta cika yi ba saboda ƙafarta.

"Allah ya tsare gabanka da bayanka. In ta yi daɗi ka zauna, in ba ta yi ba ka san hanyar gida, kuma da rana za ka shigo mini. Sai mun ji saukarka."

Ƙarfe ɗaya saura kwata wayata ta yi ƙara, ana jin hayaniyar masu talla da hon ɗin motoci a bayansa. Na miƙa wa Goggo. Ta ce: "Kun sauka? To madalla. Ya hanya?"